Hayar Tukwanen Gwadabe

A Kaura Namoda, can bayan tashar jirgin ƙasa, akwai gidan da ake kira gidan Gwadabe kuku. Shi Gwadabe ya daɗe da rasuwa, amma sunan bai bar gidan ba, saboda tukwanensa suna nan. Manyan tukwanen dalma ne guda huɗu, masu kaurin gindi, kowace sai ƙarti biyu sun kama kafin ta tashi daga ƙasa. Ɗansa Hashimu ne ya gaje su, ya kuma gaji hannun. In ya ɗora dafa-duka ba ya buɗe murfi ya duba, hancinsa ne ke gaya masa lokacin janye wuta.

Tare da taubashinsa Sha'aibu yake aiki. Mahaifiyar Hashimu, Inna Kulsumu, ƙanwar mahaifin Sha'aibu ce, don haka tun suna yara kowa ke cewa ɗayan bawansa ne. Da, aikin ba shi da wani lissafi. Mai biki ya sayi komai ya jibge, Hashimu ya dafa, Inna Kulsumu da matan unguwa su yi wanki da yanka da rabo, Sha'aibu ya yi ta zirga-zirgar kasuwa. In an gama a ba su abin da ya sawwaƙa.

To, da aka ba Zamfara jiha, taro ya yi yawa, masu taro kuma suka daina son wahalar kasuwa. Da Shari'a ta zo, kiɗa ya ja baya, walima ta zama ita ce bikin. Mutum sai ya ce: ga yawan mutanena, gaya mini nawa ne kai ɗaya, in biya in huta. A nan Sha'aibu ya yi fice, don yana da baki, kuma lissafi na zama a kansa. A hankali mutane suka fara cewa “abincin Sha'aibu”. Ko a masallaci Hashimu ya sha jin wani na cewa, “Jiya mun ci abincin Sha'aibu, wallahi yaron nan ya iya.” Sai ya sunkuyar da kai ya dubi hannuwansa da wuta ta toye gashinsu. Sha'aibu kuwa ko ruwan zafi ya ɗora sai an taya shi.

Wata rana wani mai sayar da taki a Shinkafi, Alhaji Ladan, ya aiko yana son a yi masa walimar auren ɗansa. Suka hau mota su biyu suka tafi. Sha'aibu ya sa sabuwar shadda, Hashimu kuwa da tsohuwar rigarsa mai ɗigon mai a gaba.

Suka tarar da Alhaji a zaure da abokansa biyu. Bayan gaisuwa ya ce mutum ɗari huɗu yake sa rai, maza ɗari biyu da hamsin, sauran mata. Dafa-duka yake so da nama.

“Naira ɗari da hamsin kai ɗaya, Alhaji,” in ji Sha'aibu.

Alhaji ya cire hula ya aje a gwiwa. “Malam Sha'aibu, a tasha da naira hamsin nake cin shinkafa in ƙoshi har in sha ruwa.”

“Gaskiya ne, Alhaji. Amma mai abincin tasha ba ta kawo maka rumfa. Bari in warware maka shi. Abin da ke shiga bakin mutum ɗaya, shinkafa da nama da mai da kayan miya, saba'in da biyar ne. Buhu biyu za mu saya, da bajimi ɗaya daga Kasuwar Daji. Sai rara, goma sha biyar.”

“Rarar mi?”

“Mutum ɗari huɗu ka gayyata, amma na ɗari huɗu da tamanin za mu dafa.”

“Wato in ciyar da tamanin da ban kira ba.”

“Alhaji, ka taɓa ganin walimar da anka tsare mutum bakin ƙofa anka ce ba a kira shi ba? Ga gayyar soɗi, ga ƙanzo da ke kama gindin tukunya, ga wanda zai zube wurin rabo. Sannan mata, kowace da ɗan kwanonta cikin mayafi, ta tafi wa yara da shi. In abinci ya ƙare ba ni za a zaga ba, sunanka ne ke kan katin.”

Abokan Alhaji suka yi dariya. Ɗaya ya ce tasa matar kwano biyu take zuwa da shi.

Sha'aibu ya ci gaba. Ladan ma'aikata goma sha biyar, tun daga mahauci har mata masu wanki da samari masu rabo. Icce da kalanzir da ruwa da man mota, goma, domin yanzu mota biyu ake ɗauka, ba a haɗa mata da maza. Hayar kaya goma sha biyar: rumfar maza daban, ta mata daban cikin gida, tabarmi, farantai, kuloli, da tukwane. In an haɗa, ɗari da talatin. Ashirin ɗin sama ita ce tasu.

“To in na rage mutane zuwa ɗari uku fa?”

“Jimillar za ta sauka, amma kai zai hau. Mota ba ta san an rage mutane ba, rumfa ma haka.”

Aka yi ta ja, Alhaji na rantsuwa da tsadar taki, Sha'aibu na rantsuwa da tsadar man gyaɗa, har aka tsaya kan ɗari da arba'in. Ribarsu ta koma naira goma kai ɗaya, dubu huɗu ke nan, su raba biyu. Abokan Alhaji suka zama shaidu, aka yi fatiha.

Duk wannan zaman Hashimu na gefe kusa da takalma, ba wanda ya tambaye shi komai. Sai da za su tashi Alhaji ya nuna shi da haɓa.

“Wanga yaronka ne? Shi ɗauki butar can shi cika mana mana.”

Abin da ya kamata Sha'aibu ya ce shi ne, wannan ai shi ne mai girkin. Amma cinikin ya faɗa, ransa fari, sai bakinsa ya tafi inda ya saba.

“Bawana ne, Alhaji. Gadonsa na yi wajen Gwaggo.”

Aka yi dariya. Hashimu ma ya yi, don ba a fushi da wasan taubashi, wanda ya yi fushi shi ne abin dariya. Ya ɗauki butar ya cika ya kawo. Sai dai Alhaji bai san su taubasai ba ne, kuma ba wanda ya gaya masa.

A mota Sha'aibu ya sayi rake ya miƙa masa, Hashimu ya ƙi karɓa, ya ce haƙorinsa na ciwo. Har suka iso Kaura yana kallon gonakin gero ta taga. Shaddar Sha'aibu na gogar hannunsa tana ƙara, shi kuma yana lissafin cewa daga tukwanen ubansa shaddar nan ta fito.

Ya kwana biyu da abin a ciki. Ranar da Sha'aibu ya zo gidan da hantsi don su tsara sayayya, ya tarar da shi a tsakar gida yana goge tukwanen da toka. Inna Kulsumu na bakin ɗaki tana tsince wake.

“Gwaggo, ina kwana? Bawa, sannu da aiki. Goge su da kyau, kar ka ba ubangidanka kunya.”

Hashimu bai ɗago ba. “Nawa ka sa hayar tukwanen ga cikin lissafinka?”

“Dubu biyu, kamar kullum.”

“Dubu shida ne yanzu.”

Sha'aibu ya yi dariya, ya jira a taya shi. Ba wanda ya taya shi. Ya tsuguna kusa da tukunya.

“Hashimu, kana wurin munka tsaida magana. Dubu shida fa ka ce. Ƙarin dubu huɗu ke nan, ita ce ribar gaba ɗaya, da rabonka ciki.”

“Na sani. Ni ma na iya lissafi, ko da ba a tambaye ni ba.”

“To ina kake so in ciro ta? In rage ladan su Gwaggo?”

“Kar ka fara,” in ji Inna Kulsumu, ba ta bar tsintar wakenta ba.

“In rage icce, shinkafa ta fito da gari a ciki? In taɓa rara, mata su tashi ba su ci ba? Ko in koma Shinkafi gaban shaidu in ce na yi mantuwa?”

“Kai ne mai abinci. Abincin Sha'aibu. Ka san yadda za ka yi.”

Sha'aibu ya dube shi. Ya gane akwai wani abu, amma bai gane mene ne ba, don shi a wurinsa maganar zauren Alhaji ta wuce tun a zauren.

“In haya ce, ai haya kasuwa gare ta,” ya ce a hankali. “Shinkafi ma akwai masu ba da tukwane.”

“Sai ka je. Amma inda tukwanena ba su je ba, ni ma ba ni zuwa.”

Da Sha'aibu ya fita, Inna Kulsumu ta aje faifan.

“Ni dai na riga na gaya wa matan ga ranar aiki, wasu har sun ci bashi a kai. Zan tafi. Kai kuma ka zauna ka yi gadin tukwane, kar su gudu.”

“Inna, gabanki ake cewa abincin Sha'aibu.”

“To ka ce mishi hakanan mana. Mi ya kawo dubu shida?”

Hashimu ya ƙara ɗibar toka. Ya ci gaba da gugar gindin tukunyar da ta riga ta yi haske.

A ransa ya tabbata Sha'aibu zai dawo. Kullum in ya ji sallama sai ya gyara zama ya ɗaure fuska, sai ya ga mai tallan goro ne ko maƙwabci. Sha'aibu bai dawo ba. Labari dai ya riƙa zuwa ta bakin Inna: an sayi bajimin, an sami icce mai kyau na ƙirya, an sami tukwane a Shinkafi kan dubu biyu da ɗari biyar, an kuma ɗauki wani mai dafa wa direbobi abinci zai tsaya kan wuta.

“Waɗanne irin tukwane?” ya tambaya, kamar ba ruwansa.

“Gangar ƙarfe ce anka yanka biyu anka sa wa hannu. Guda huɗu.”

Hashimu ya san irinsu. Gindinsu kamar takarda, kuma ba su ɗaukar abin da nasa ke ɗauka, sai an yi ɗori biyu. Wani sanyi ya ji a ƙirjinsa, irin na wanda ya ga gobarar daji ta nufi gonar da ba tasa ba.

Ranar walima da sassafe akori-kura ta tsaya a bakin layi aka loda kaya, ƙaramar bas ta kwashi mata. Hashimu na cikin ɗaki yana jin muryar Sha'aibu na ba da umarni, yana jin matan na tsokanarsa suna kiransa angon girki. Da motocin suka tafi unguwar ta yi tsit. Ya fito ya zauna kan turmi. Tukwanen huɗu na kife a jikin bango, kaza ta hau kan ɗaya.

Ya sha koko, bai ji daɗinsa ba. Ya je bakin tasha wurin masu shayi, sai ga wani na tambayarsa, “A'a, ba ka bi maigidanka Shinkafi ba?” Ya tashi bai gama shayin ba. Ya ce wa kansa akwai wanda yake son gani a Shinkafi kan maganar buhunan gawayi. Ya hau mota.

Bai nemi mai gawayi ba. Ya zagaya ta bayan gidan Alhaji Ladan, inda akwai wani fili da aka kewaye da zana aka kafa murahu. Ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi daga nesa, inda zai gani ba a gan shi ba. A ƙofar gida rumfuna sun tashi, an shimfiɗa tabarmi, samari na jera farantai. Komai tsaf. Wannan ma ya ƙona masa rai, don ya so ya ga ko da rumfa ɗaya ta karkace.

Sai iska ta juyo ta kawo masa ƙauri.

Ba ɗan ƙaurin ƙanzo ba ne mai daɗi, wanda mata ke rabawa su kai gida a jiƙa. Na shinkafar da ta ƙone ta yi baƙi ne, hayaƙin ya bi ta cikinta har sama. Ta wata ɓarakar zana ya hango Sha'aibu ya tuɓe riga, daga shi sai singileti, yana leƙa ganga yana dafe kai. Mai dafa wa direbobi na ta tura icce, wuta na lasar gangunan har wuya. Ya hango Inna da wasu mata biyu suna kwashe saman wata ganga a hankali, suna sansana kowane ludayi kafin su zuba a kula. A gefe an juye wani tulin baƙar shinkafa a kan buhu.

Abin da ya zo gani ke nan. Ya tsaya ya jira daɗin ya zo. Ya ɗan zo kuwa, ba za a ce bai zo ba. Ya ce a ransa, to ga abincin Sha'aibu nan, a ci.

Sai ya ga an sake ɗora gangunan, ɗori na biyu, an zuba shinkafa, mutumin nan kuma ya ɗauko wani ƙaton gungume zai cusa. Ya ga Inna ta miƙe ta riƙe ƙugu, ta dubi kulolin ɓangaren mata da ba a zuba komai a ciki ba. Ita ce za ta shiga cikin gida ta tsaya gaban matan Shinkafi da ludayi.

Bai san lokacin da ya ɗaga zanar ya shiga ba.

“Kai, aje iccen nan. Gawa kake ƙonawa?”

Mutumin ya tsaya da gungume a hannu. Sha'aibu ya juyo, fuska duk toka, ido ja saboda hayaƙi. Ya matsa gefe ya ba shi wuri.

Hashimu ya janye rabin iccen kowane murhu ya watsa masa ƙasa. Ya sa aka ɓamɓaro wasu tsofaffin fallayen kwano daga jikin garken awaki, aka ɗaga gangunan aka shimfiɗa su a ƙasa don kar harshen wuta ya taɓa gindin kai tsaye. Ya hana a juya da muciya. Da ruwan ya tsotse sai ya kwashe wutar saura garwashi, ya rufe bakin kowace ganga da wankakken buhu, ya danne da murfi.

“Nawa kunka yi asara?” ya tambaya, idonsa na kan ganga.

“Kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗorin farko,” in ji Sha'aibu. “Rarar ta tafi kusan duka tun ba a fara rabo ba. Icce ma saura wanda kake gani.”

“Rarar taka ta tukwanena ce. Su ba su cin fiye da tafin hannu a gindi. Ka canza tukunya ba ka canza lissafi ba.”

“Na gani.”

“Aika a sayo tiya goma ta shinkafa, da mai, da icce dami biyar. Sai mun yi ɗori na uku.”

Sha'aibu ya laluba aljihun wandonsa ya ƙirga abin da ke ciki ya ba wani saurayi. Su duka biyu sun san wane kuɗi ne ya tafi.

Bayan azahar aka fara rabo. Maza suka ci, har da waɗanda suka biyo sahu daga masallaci. Ɗori na uku ya sauka ana gab da la'asar, aka shiga da shi wurin mata da zafinsa. Kowace ta samu faranti, amma nama ya yi ƙaranci a na ƙarshen, kuma kwanonin cikin mayafi haka suka koma wayam. Inna Kulsumu ta fito tana share zufa da gefen zane.

“Wata ta tambaye ni ko a Kaura awon shinkafa muke da cokali,” ta ce. “Na ce mata awo, na azurfa.” Ta dubi tulin baƙin ƙanzon. “Wanga ko akuya sai an roƙe ta. Matan da na kawo yau hannu biyu za su koma gida, ban da ladansu.” Sannan ta dubi ɗanta. “Ashe tukwanen ba su gudu ba.”

Ana kwance rumfa Alhaji Ladan ya zagayo bayan gida da babbar riga, yana sakace. Shi ɓangaren maza ya gani, kuma ɓangaren maza ya yi kyau.

“Malam Sha'aibu, Allah shi yi albarka. Na farkon ya ɗan yi ƙauri kaɗan, amma na baya, wallahi har liman sai da ya ƙara. Hannunka na da kyau.” Ya hango Hashimu tsugune yana kankare ganga. “Yaron nan naka ma ba shi da ƙiwuya. Ungo, sha ruwa.” Ya miƙa masa naira ashirin.

Sha'aibu ya buɗe baki, amma an riga an kira Alhaji daga ƙofar gida, ya juya ya tafi. Hashimu ya dubi takardar kuɗin a hannunsa mai baƙin tukunya. A lokacin ne Sha'aibu ya ga fuskarsa sosai, ya tuna da butar zaure, ya tuna abin da bakinsa ya faɗa.

A bayan akori-kura suka dawo, zaune kan kuloli. Sun wuce rabin hanya kafin Sha'aibu ya yi magana.

“Ladan ma'aikata ya fita cif, na masu rumfa ma. Riba kuwa ba ko sisi, har na ɗora ɗari uku daga aljihuna.”

“Da ka ba ni dubu shidan, da ka huta da ɗari uku.”

“Da ka ce mini maganar buta ce, da mun huta duka.”

Hashimu ya kau da kai ya kalli hanya. Can ya ciro naira ashirin ɗin ya cusa masa a aljihun riga.

“Rage asara. Saura ɗari biyu da tamanin.”

Bayan sallar layya wani mai shanu a Zurmi, Alhaji Rufa'i, ya aiko yana son walimar saukar Alƙur'ani ta ’ya’yansa. Sha'aibu ya biyo ta gidan Gwadabe da safe, ya tsaya a ƙofa ya ce mota na jira. Bai ce bawa ba. Hashimu ya ɗan ja lokaci wurin neman hula, sannan ya fito.

A zauren Zurmi, da aka gama gaisuwa aka faɗi yawan mutane, ɗari huɗu su ma, Sha'aibu ya gyara zama.

“Farashi biyu gare ni, Alhaji. Ɗari da sittin da biyar kai ɗaya, ko ɗari da hamsin.”

“To wa zai bar mai sauƙi ya ɗauki mai tsada? Mi ne bambancin?”

“Mai tsadar, in da tukwanen haya zan yi, da wanda na samu kan wuta. Dole rara ta tashi daga goma sha biyar ta koma ashirin da biyar, don suna ƙona abinci, icce kuma ya ƙaru da biyar don sai an yi ɗori biyu ko uku. Na gwada, ba labari anka ba ni ba. Mai sauƙin kuwa, in Malam Hashimu ɗan Gwadabe ya yarda ya zo da tukwanensa ya tsaya kan wuta da kansa. Ga shi nan zaune, sai ka tambaye shi ko yana da sarari.”

Alhaji Rufa'i ya juyo gaba ɗaya. “Gwadabe na tashar jirgi? Ai na ci girkinsa ina yaro. Malam Hashimu, matso nan kan darduma, mi kake yi cikin takalma? Ranar Asabar ta sama, kana da sarari?”

Hashimu ya matso. Ya yi kamar yana tunani, ya dubi rufin zauren, alhali ya san ba shi da komai ranar Asabar ko wadda ke bayanta.

“Zan duba, Alhaji. Ina jin za a samu.”

Aka tsaya kan ɗari da arba'in da biyar, aka yi fatiha. Da za su fita Alhaji ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya, “A gaya wa Hajiya an gama magana. Su Sha'aibu da Hashimu na Kaura za su yi.”

Suna tafiya tasha Sha'aibu ya sayi rake, ya karya ya miƙa masa rabi. Wannan karon ya karɓa. Ya ɓare da haƙori, ya tauna, ya tofar.

“Ka ji abin da ya ce?”

“Na ji. Ya kira sunanka, har cikin gida anka ji.”

“Sha'aibu da Hashimu ya ce. Naka ya fara kira.”

Sha'aibu ya tsaya tsakiyar hanya ya dube shi, raken na hannunsa. Hashimu bai tsaya ba, ya ci gaba da tafiya yana taunawa, yana gwada “Hashimu da Sha'aibu” a hankali a bakinsa, don ya ji ko ya fi daɗin faɗi.